Bolt 1.59, 4.75 ko 4.2: ina aka yi ɓatan kai a wannan konbolushan?

Ɗalibar Lantarki, Ringim: Assalamu alaikum malamai da yayye. Ina da tambaya a kan konbolushan, wato lissafin da ke ba da fitarwar da'ira daga siginar da ta shiga, kuma da lambobinta na zo don kada mu yi ta zagaye. Rizisto ne mai kilo'om 20 a jere da kapasita mai maikrofarad 100, ana ɗaukar fitarwa a kan kapasitar. An ba shi bolt 5 na tsawon sakan 4, sannan shigarwar ta koma sifili. Ana neman abin da ke kan kapasitar a sakan na 6. Amsar da ke takarda 1.59 ce. Lissafina ya ba ni 4.75. Da aka haɗa kayan a kan allon gwaji da cajar waya, mita ta nuna wajen 4.2. Amsa uku ga tambaya ɗaya. Wacce ce ta gaskiya? Kuma don Allah me ya sa sai an juya sigina ɗaya baya kafin a ninka? Wannan juyin ne ya ƙi zama a kaina.

Na Wudil: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki wahalar da kanki da zane-zane. Ki bi ta Laplace kawai: H(s) = 1/(1 + RCs), ki ninka da X(s), ki dawo. Juyin nan al'adar littafi ce kawai, ko ba ki juya ba amsa ɗaya za ki samu. Amsar bugun da'irar kuwa h(t) = e^(−t/RC) ce, ki sa ta ki wuce.

Malamin Lissafi, Gwaram: Ɗan'uwa na Wudil, a yi haƙuri, akwai gyara biyu a maganarka kafin mu je ga tambayar yarinyar. Ka yar da 1/RC a gaban h. Daidai ɗin ita ce:

```
RC = 20000 × 0.0001 = 2
h(t) = 0.5·e^(−t/2),  t ≥ 0
h(t) = 0,             t < 0
```

In ta yi aiki da taka, a sakan na 4 za ta sami bolt 8.65. Rizisto da kapasita ba sa haihuwar wuta, to daga ina bolt 5 zai zama 8.65? Hanyar gane wannan kuskuren ba ta da wuya: ka auna filin da ke ƙarƙashin h gaba ɗaya. Filin nan shi ne abin da da'irar ke yi wa wutar da ta daɗe a tsaye. Kapasitar da aka bari a kan bolt 5 a ƙarshe bolt 5 take kaiwa, don haka dole filin ya zama 1. Naka 2 ne. Gyara na biyu shi ne batun juyi, amma bari mu fara da inda 4.75 ta fito.

'Yata, turo mana iyakokin da kika sa wa intigiral ɗin a t = 6.

Ɗalibar Lantarki, Ringim: Daga 0 zuwa t na sa, Malam, kamar yadda na yi a kashin farko. Sai ya ba ni 5(1 − e^(−3)).

Malamin Lissafi, Gwaram: To ga ɓarawon nan. Abin da kika lissafa shi ne da'irar da ba a taɓa ɗauke wa wuta ba. Kin ci gaba da zuba mata bolt 5 har sakan na 6, alhali an rufe famfo tun sakan na 4.

Ga asalin abin:

```
y(t) = ∫ x(τ)·h(t − τ) dτ
```

Haruffan lokaci biyu ne a nan, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. t shi ne lokacin da kika tsaya kina duban mita. Yayin da kike intigiral ɗin, t ba ya motsi, lamba ce kawai, a nan 6. Shi kuwa τ shi ne yake yawo a kan dukkan lokutan da suka wuce, yana tambayar me ya shigo a kowane lokaci. Ki lura, wasu littattafan da τ ɗin nan suke kiran RC ma, abin ya cakuɗe wa ɗalibi. Ni a nan RC zan riƙa cewa RC.

Abin da ke cikin intigiral ba ya zama wani abu sai inda sigina biyun suke da rai a tare. x(τ) tana da rai ne daga 0 zuwa 4. h(t − τ) tana da rai ne in τ bai wuce t ba, saboda da'ira ba ta amsa abin da bai riga ya zo ba. Saboda haka iyakar sama ita ce wadda ta fi ƙanƙanta tsakanin t da 4. Kafin sakan 4, t ne ƙarami. Bayan sakan 4, iyakar ta maƙale a 4, ko da t ya kai ɗari.

```
0 ≤ t ≤ 4:  y = ∫[0→t] 2.5·e^(−(t−τ)/2) dτ = 5(1 − e^(−t/2))
t > 4:      y = ∫[0→4] 2.5·e^(−(t−τ)/2) dτ = 5(e² − 1)·e^(−t/2)
```

A sakan 2 kina da 3.16. A sakan 4 kina da 4.32, nan ne ƙololuwa. A sakan 6 ya sauko 1.59, a sakan 8 kuma 0.59. Takardar ce ke da gaskiya.

Kafin ki miƙa irin wannan aikin, ki sa t = 4 a cikin kashi biyun. In ba su haɗu a lamba ɗaya ba, akwai matsala a iyaka, don wutar kapasita ba ta tsalle. Naki kuskuren ma ba zai faɗa wannan tarkon ba, tunda tsari ɗaya kika ja har ƙarshe. Abin da zai kama shi shi ne fili: filin y dole ya zama filin x sau filin h, wato 20 sau 1. Kashin farko yana ba da 11.35, jelar tana ba da 8.65, jimla 20 cif. Naki kuwa ba ya saukowa har abada, filinsa ba shi da iyaka.

Ɗalibar Lantarki, Ringim: Na gani Malam, Allah ya saka da alheri. Saura juyin. Da kuma 4.2 ɗin mita.

Injiniyan Ruwa, Auyo: Bari in shigo a kan juyin, don mu masu aikin ruwa da shi muke ci, sai dai sunan da muke ba shi daban. Ki ajiye intigiral tukuna. Ki ɗauka akwai durom da ke yoyo, kowace rana rabin abin da ke ciki yake rage. Ran Litinin kin zuba bokiti 8, Talata 4, Laraba 2. Da kin gama zubawa ran Laraba, nawa ne a ciki?

Na Laraba yanzu aka zuba, duka 2 ɗin suna nan. Na Talata ya kwana ɗaya, rabin 4 ya rage, 2 ke nan. Na Litinin ya kwana biyu, rubu'in 8 ya rage, shi ma 2. Jimla bokiti 6.

Yanzu dubi yadda jerin biyu suka haɗu. Jerin zubawa yana tafiya 8, 4, 2. Jerin raguwa yana tafiya 1, rabi, rubu'i. Amma na farkon zubawa da na ƙarshen raguwa ya haɗu, don shi ya fi tsufa. Ba wanda ya zauna ya ce a juya. Shekarun ruwan ne t − τ: wanda ya fara shiga shi ya fi daɗewa. In kika ƙi juyawa, kika ninka 8 da 1, 4 da rabi, 2 da rubu'i, za ki sami 10.5, wato kin ce ruwan Litinin bai yoye ko ɗigo ba, na yau kuma ya riga ya tafi. Kin mai da tsoho jariri.

Na Wudil: To ai ni na gwada a wannan tambayar tata ba tare da na juya x ba, kuma siffar ta fito.

Malamin Lissafi, Gwaram: Ta fito ne don x ɗin nan akwati ce, gabanta da bayanta iri ɗaya. In ka juya akwati, akwati za ka gani, sai dai wurin zamanta ya sauya. Inda kake da gaskiya shi ne ba dole h za a juya ba. x * h da h * x abu ɗaya ne, don haka mutum ya juya wadda ta fi sauƙi, kuma a nan akwatin ce ta fi sauƙi. Amma dole a juya ɗaya daga ciki. In ba a juya ko ɗaya ba, wani lissafin ne daban, wanda ake auna kamannin sigina biyu da shi. Alamarsa a wannan da'irar mai ban dariya ce: za ka ga fitarwa ta fara tashi tun kafin a kunna wuta. Jamusawa ma Faltung suke kiran konbolushan, wato naɗewa, saboda wannan juyin.

Laplace kuma ba na musu da ita, hanya ce mai kyau, amsa ɗaya take bayarwa. Sai dai wanda bai san inda 4 ke shiga ba a nan, can ma zai manta da e^(−4s), ya koma 4.75 ɗin dai.

Mai Gyaran Rediyo, Ɗambatta: Malamai kun yi ta lissafi, ba wanda ya taɓa 4.2. Ni a nan nake da tambaya. 'Yata, da sakan 4 ya cika, yaya kuka yi da wayar da ke kawo bolt 5? Zare ta kuka yi kuka bar ta a iska?

Ɗalibar Lantarki, Ringim: Eh Baba, zare ta muka yi.

Mai Gyaran Rediyo, Ɗambatta: Shi ke nan. Zare waya ba sifili ba ne. Wayar da ke lilo a iska ba ta haɗe da komai, to ta ina kapasitar za ta sauke cajinta? Lissafin Malam ya ɗauka cewa bayan sakan 4 bakin rizistan yana kan bolt sifili, wato an dangwala shi a layin ƙasa, caji yana komawa ta cikin kilo'om 20 ɗin nan. Ku kuwa kun toshe masa hanya. Abin da ya rage masa shi ne ya bi ta cikin mitar kanta. Ƙananan mitocin nan masu araha da ake samu a Sabon Gari, da yawansu megom 1 ne a ciki. Megom 1 sau maikrofarad 100 sakan 100 ne. A sakan biyu kashi biyu cikin ɗari kawai zai sauka.

Ki lissafa ki gani. Mitar tana jan kaɗan tun farko, don haka bolt 5 ɗin ya zama kamar 4.9, ƙololuwa ta tsaya wajen 4.27. Ki rage kashi biyu cikin ɗari, kin zo 4.18. Ga 4.2 ɗinku. Mita ba ta yi ƙarya ba.

Gyaran: ki sa makunni mai ƙafa uku, ta tsakiya a rizisto, ɗaya a bolt 5, ɗaya a ƙasa. In babu, ki zare wayar daga caja ki soka ta a layin ƙasa nan take. Wayar rizisto nake nufi fa, kada ki haɗa bakin cajar da ƙasa. Kuma cire cajar daga soket ba zai yi ba, tana da nata kapasitocin a ciki da ke riƙe wuta na ɗan lokaci.

Malamin Lissafi, Gwaram: Madalla Baba, wannan ita ce maganar da ta fi duk abin da na faɗa amfani. A yaren lissafi, sun sauya da'irar ne a tsakiyar gwaji. Kafin sakan 4 RC ɗinta 2, bayan nan 100. Konbolushan kuwa h guda ɗaya ta sani daga farko har ƙarshe. Sharuɗɗanta biyu ne, su ne ake taƙaitawa da LTI. Na ɗaya, in ka ninka shigarwa fitarwa ta ninku, in ka haɗa shigarwa biyu amsoshinsu su haɗu ba tare da ɗaya ta taɓa ɗaya ba. Na biyu, bugun da ka yi yanzu da wanda za ka yi anjima su sami amsa iri ɗaya, bambancin kawai jinkiri. Daga waɗannan biyun intigiral ɗin ya fito, ba daga sama ba: ka yanka x siriri-siriri, kowane yanki mai faɗin dτ ƙaramin bugu ne mai nauyin x(τ)dτ, kowanne ya haifi tasa h da ta fara daga lokacinsa, sai ka tara. Sharaɗi na biyu ne ya karye a hannunsu.

Akwai na uku da ake mantawa: kapasitar ta fara a wofi. In kun maimaita gwajin ba ku sauke ta ba, ta fara da bolt 1 misali, sai an ƙara 1·e^(−t/2) a kan amsar. A sakan 6 wannan 0.05 ne kawai, amma a sakan 1 ya kai 0.61, zai ɓata muku farkon zanen.

Injiniyan Ruwa, Auyo: Tunda an zo sharuɗɗa, bari in tona wa misalina asiri kafin wani ya riga ni. Durom na gaske mai huji a gindi ba ya rage rabi-rabi. Gudun ruwan da ke fita yana bin tushen murabba'in tsayin ruwan ne, in tsayi ya ninku huɗu gudu ya ninku biyu kacal. Don haka durom na gaske ya karya sharaɗin farko. Na kawo shi ne don a ga juyin.

A aikin kogi ma haka muke lallaɓawa. Tun 1932 wani injiniyan Amurka mai suna Sherman ya kawo dabarar a ɗauki yadda kogi ke amsa ruwan sama ma'auni guda, a yi konbolushan da ruwan da ya sauka don a san yadda ambaliya za ta iso. Amma ruwan farkon damina ƙasa ce ke shanye shi, na Agusta kuwa a kan ƙasar da ta ƙoshi yake sauka. Shi ya sa sai an cire abin da ƙasa ta sha tukuna, ragowar ake sa wa lissafin. A kogin Haɗeja kuma ga Tiga da Challawa a sama, sakin ruwansu hukuncin mutane ne, ba ya cikin kowace h.

Mai Sola, Gumel: Salamu alaikum. Ni ban bi duka ba amma na ga ana maganar caji da saukewa. Wato da wannan lissafin zan iya sanin awa nawa batir mai bolt 12 zai yi in rana ta faɗi? Don kwastomomi kullum tambayar ke nan.

Mai Gyaran Rediyo, Ɗambatta: A'a Alhaji, batir ba kapasita ba ne. Naka lissafin na amfiya da awa ne.

Malamin Lissafi, Gwaram: Kuma ko an so a matsa masa ba zai shiga ba. Batirin gubar nan in ka ninka abin da kake ja, lokacinsa ba rabi yake komawa ba, ƙasa da rabi ne. Ga na'urar caji da ke yanke wuta in ya cika. Duk abin da ke da yankewa ko dayod a hanya ya fita daga wannan babin, sai dai a ɗauki ɗan ƙaramin motsi a kusa da wuri ɗaya.

Ɗan Kwamfuta, Kazaure: Na sa tambayar a Python don in tabbatar, ga shi ga mai so:

```python
import numpy as np
dt = 0.01
t = np.arange(0, 20, dt)
x = 5.0 * (t < 4)
h = 0.5 * np.exp(-t / 2)
y = np.convolve(x, h)[:len(t)] * dt
print(y[400], y[600])
```

Yana ba da kusan 4.31 da 1.59. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. In ka manta `* dt` za ka ga 431, don `np.convolve` tarawa kawai yake yi, bai san faɗin yankan ba. Dτ ɗin da ke ƙarshen intigiral ba ado ba ne. Alamar wannan kuskuren ita ce amsarka tana sauyawa duk lokacin da ka sauya `dt`. Na biyu, kada a sa `mode='same'` a nan. Sakamakon cikakke tsawonsa 3999 ne, wato 2000 da 2000 ban da ɗaya, shi kuwa `same` tsakiya yake yankowa, sai ya zubar da sakan goman farko inda duk abin ya faru, ya bar ka da jela.

Bambancin 4.31 da 4.32 kuwa daga kaurin yanka ne, in ka mai da `dt` 0.001 zai matso.

Ɗalibar Lantarki, Ringim: Yaya na gode. Wata tambayar: a takarda an ba mu h. In ba a ba ni ba fa, akwati ne rufaffe, yaya zan same ta? Ai ba wanda zai iya yin bugu mai tsawo marar iyaka da faɗi sifili.

Malamin Lissafi, Gwaram: Ba wanda zai iya, kuma ba a buƙata. Abin da da'ira ke ji daga gajeren bugu filinsa ne, ba siffarsa ba, muddin ya fi RC gajarta sosai. Ki ba wannan da'irar bolt 5 na sakan 0.1. Filin bugun 0.5 ne. Kapasitar za ta hau zuwa 5(1 − e^(−0.05)), wato 0.244, sannan ta fara gangarowa. Ki raba abin da kika auna da 0.5, kin sami 0.488 a farko, inda h ta gaskiya take 0.5. Kuskuren bai kai kashi uku cikin ɗari ba. Wannan rabawar da fili ita ce ake mantawa, kuma ita ce ke nuna cewa ma'aunin h a nan ba bolt ba ne, ɗaya bisa sakan ne.

Cinikin da ke ciki shi ne, duk yadda kika gajarta bugun don ya yi kama da na littafi, haka abin da za ki auna yake ƙanƙancewa. A sakan 0.01 ƙololuwar milibolt 25 ce kawai, ta fara nutsewa cikin hayaniya.

Mai Gyaran Rediyo, Ɗambatta: Shi ya sa ni ban yarda da hanyar bugu ba ga mai mita kawai. Wa zai iya riƙe waya sakan 0.1 daidai da hannu? Kunna wuta ka bar ta, ka rubuta yadda take hawa. Gangaren wannan hawan, in ka raba da 5, shi ne h ɗin.

Ɗan Kwamfuta, Kazaure: Haka ne Baba, amma ɗaukar gangare daga lambobin da aka auna yana kumbura hayaniya. Mita ta yi rawar 0.01 tsakanin karatu biyu masu tazarar sakan 0.1, a gangare ya zama 0.1. Ni gara bugun, da ƙaramin allo irin Arduino da zai riƙe faɗinsa daidai.

Mai Gyaran Rediyo, Ɗambatta: Wanda ke da shi ke nan, ɗana. Kuma ba sai ka ɗauki gangare ɗigo-ɗigo ba in ka san siffar da kake nema.

Ɗan Kwamfuta, Kazaure: Ai ta ce akwati rufaffe, ba a san siffar ba.

Mai Lasifika, Kura: Ku gafarce ni in sa baki, don wannan ya taɓa aikinmu. In za a ɗaura lasifika a fili ko babban masallaci, mukan tsaya a inda za a sa ta mu tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, mu saurara. Wato wannan tafin shi ne bugun da kuke faɗa? Akwai filin da katangar makaranta ke fuskantarsa, tazarar kamar mita 50, kowace kalma sau biyu ake jinta.

Malamin Lissafi, Gwaram: Shi ne kuwa, Malam, abin da kunnenka ya ji bayan tafin shi ne h ta wurin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, ya ɗan fi haka in ana zafi. Zuwa da dawowa mita 100, kusan sakan 0.3 ke nan. In muka ƙaddara amsa-kuwwar ta dawo da rabin ƙarfi, don misali kawai:

```
h(t) = δ(t) + 0.5·δ(t − 0.3)
y(t) = x(t) + 0.5·x(t − 0.3)
```

δ ɗin nan shi ne bugun littafi, wato tafin kansa. Konbolushan da δ da aka jinkirta ba ya yin komai sai ɗauko siginar ya ajiye ta a sabon lokaci. Sakan 0.3 kuwa ya kai tsawon gaɓa ɗaya ko biyu na magana, shi ya sa kalma ke hawa kan 'yar'uwarta. Abin da lissafin ke gaya maka a aikace: ƙara murya ba zai gyara ba, domin in x ta ninku, amsa-kuwwar ma ta ninku. Sai dai a sauya h ɗin, a karkatar da bakin lasifikar daga katangar ko a sunkuyar da ita, ko a rarraba ƙanana kusa da mutane a rage ƙarfi. Kuma wannan h ta wurin da ka tsaya ce kawai, wanda ke gindin katanga tasa daban. In kuma aka murɗa amfilifaya har murya ta fara tsagewa, an fita daga konbolushan gaba ɗaya, don tana aske kan siginar ne.

Ɗalibar Lantarki, Ringim: Na dawo. An sake gwajin da wayar a layin ƙasa kamar yadda Baba ya ce, an sauke kapasitar kafin kowane zagaye. Yanzu a sakan 6 muna ganin tsakanin 1.7 da 1.8. Ya matso, amma bai zo 1.59 ba.

Na Wudil: Kapasitar ce. Irin waɗannan masu ruwa a ciki kashi 20 cikin ɗari suke iya kaucewa daga abin da aka rubuta a jikinsu. In taku 120 ce a maimakon 100, RC ya zama 2.4, ƙololuwa 4.06, a sakan 6 kuma 1.76. Ya yi daidai da abin da kuka gani.

Mai Gyaran Rediyo, Ɗambatta: Zai iya zama, wannan karon lissafinka ya tsaya. Amma ban sallama ba tukuna. A sakan 6 wutar tana gangarowa da kusan bolt 0.8 a kowane sakan. Mitar nan sau biyu ko uku take sabunta lamba a sakan, ga hannun mai sauya waya, ga idon mai duba agogo. Jinkirin rubu'in sakan kaɗai ya isa ya ƙara 0.2. Ita ma cajar a auna ta, da yawa 5.1 ko 5.2 suke bayarwa.

Abin da zai raba gardama: 'yata, nawa kuka gani a ƙololuwa, daidai lokacin sauya waya? In wajen 4.0 ne, na Wudil ya ci. In wajen 4.25 ne, jinkiri ne.

Ɗalibar Lantarki, Ringim: Ba mu rubuta ba Baba, hankalinmu na kan sakan 6. Lambar ma tana gudu, da wuya a kama.

Mai Gyaran Rediyo, Ɗambatta: To ku rage wa abin gudu. Ku sa maikrofarad 1000, RC ya zama sakan 20, ku ba shi wuta sakan 40, ku karanta a 60. Lambobin da ake jira ba su sauya ba, 4.32 da 1.59, amma yanzu jinkirin rubu'in sakan 0.02 kawai zai jawo. Kada ku ce za ku ƙara rizisto zuwa kilo'om 200 a maimakon haka, mitar megom 1 za ta cinye kashi ɗaya cikin shida na wutar, ko kun jira har gobe ba za ta wuce 4.17 ba.

Malamin Lissafi, Gwaram: Kuma ku auna RC ɗin da kanku a maimakon ku yarda da rubutun jikin kapasita. Yayin saukewa, ku danna agogo a kowace lamba kuka ga dama, ku tsayar in ta koma rabinta, daga 4 zuwa 2 misali. Ku raba lokacin da 0.693. In komai daidai ne za ku ga kusan sakan 13.9, ko 13.6 in mitar megom 1 ce. Ku sake daga 2 zuwa 1. In lokutan biyu sun yi daidai, h ɗinku mai gangare ɗaya ce kamar ta takarda, sai ku sa RC ɗin da kuka samu a lissafin. In na biyun ya fi tsawo a fili, ku turo lambobin mu gani.

Na Wudil: Amma in sun sauya kapasitar, ba za mu taɓa sanin ko ta farkon 120 ba ce.

Ɗalibar Lantarki, Ringim: Zan ajiye ta a gefe Yaya. Mai 1000 ɗin sai ran kasuwa, in an samo zan turo duka biyun.